Yadda ake gane shafin bogi na neman aiki tun kafin a miƙa masa NIN ko kuɗi

Duk lokacin da wata hukumar gwamnati ta sanar da ɗaukar ma'aikata a Najeriya, ba a kwana biyu sai shafukan intanet masu kama da nata sun bazu a WhatsApp da Facebook. Wani lokaci ma ba sa jiran sanarwar, su ne ke ƙirƙirar ta. Suna ɗauke da tambarin hukumar, da launin kore da fari, da hoton jami'ai cikin kaki, kuma abin da suke fara nema daga mai shiga bai wuce biyu ba: ya biya kuɗin fom, ko ya rubuta lambar NIN da BVN da lambar wayarsa, tun kafin ya ga ko layi ɗaya na fom ɗin da ya zo cikewa.

Kamannin shafi ba hujja ba ce, domin kwafe tambari da launi da rubutun shafin hukuma aiki ne na ƙasa da awa ɗaya ga wanda ya iya. Abubuwa biyu ne ɗan damfara ba ya iya kwafewa, wato adireshin da hukumar ta mallaka, da sunan asusun da kuɗi zai faɗa. Wanda ya iya karanta waɗannan biyu ya rufe mafi yawan ƙofofin da ake shigo masa ta ciki. Bayanin da ke tafe ya tsaya ne kan shafukan ɗaukar aikin gwamnatin tarayya, amma ƙa'idar ɗaya ce ga shafukan tallafi, da na guraben karatu, da na aikin wucin gadi na zaɓe.

Me ya sa kasuwar ke ci

A shekarar 2025 hukumar CDCFIB, wadda ke kula da ɗaukar ma'aikatan Sibil Difens da Gyaran Hali da Kashe Gobara da Shige da Fice, ta buɗe shafinta domin cike gurabe kimanin 30,000. Kusan mutum miliyan biyu ne suka nema. Cunkoso ya sa shafin ya riƙa tsayawa, har hukumar ta dakatar da shi na wasu kwanaki a watan Yuli kafin ta sake buɗewa. Irin wannan giɓi shi ne damina a wajen masu shafin bogi. Matashin da ya kwana uku yana gwada shafin gaske bai shiga ba, idan aka turo masa wani adireshi aka ce «wannan yana buɗewa», da wuya ya tsaya bincike. Shafin bogi kuwa kullum yana buɗewa, domin babu wani aikin tantancewa da yake yi a bayan fage.

Akwai kuma tarihin da ya sa mutane ba sa mamaki idan aka ce su biya. A ɗaukar ma'aikatan Shige da Fice na 2014, an karɓi naira 1,000 daga kowane mai nema ta hannun wani kamfani da aka ba kwangilar shafin. Daga baya EFCC ta faɗa wa kotu cewa mutum 676,675 ne suka biya. Ranar 15 ga Maris na shekarar aka tara masu neman a filayen wasa domin jarrabawa, kuma sama da mutum goma suka mutu a turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. A yau sanarwar CDCFIB da ta Rundunar Soja da ta 'Yan Sanda duk suna rubuta ƙarara cewa neman aikin kyauta ne. Sai dai tunanin cewa «fom ɗin gwamnati ai da kuɗi ake saye» bai bar zukatan jama'a ba, kuma a kansa ɗan damfara ke gina shafinsa.

Karanta adireshi daga dama

Wannan ita ce fasahar da ta fi kowace amfani, kuma ba ta buƙatar ilimin kwamfuta. Adireshin shafi yana da mamallaki guda ɗaya, kuma sunan mamallakin yana zaune ne a wuri ɗaya tak: daf da sandar karkace ta farko, wato alamar `/` da ke zuwa bayan sunan shafin. Ka yi watsi da `https://` na farko. Ka nemi `/` ta farko bayansa, sannan ka karanta daga nan zuwa hagu. Ga adireshi uku. An yi amfani da `example.com` a na biyu da na uku ne saboda suna ne da aka keɓe domin koyarwa, ba na wani ɗan damfara ba ne:

```
recruitment.cdcfib.gov.ng/
recruitment.cdcfib.gov.ng.example.com/
example.com/recruitment.cdcfib.gov.ng
```

Na farko ya ƙare da `cdcfib.gov.ng`, saboda haka na hukumar ne. Kalmar `recruitment` da ke gabansa ɗaki ne kawai a cikin gidan hukumar. Na biyu ya fara da harafi ɗaya da na farko, bai bar ko ɗigo ba, amma ya ƙare da `example.com`. Mai wannan sunan shi ne mai gidan, kuma duk abin da ke hagu sunan ɗaki ne da ya ga damar rubutawa. Mai gida yana iya sa wa ɗakinsa sunan fadar shugaban ƙasa, babu mai hana shi. Na uku ya ajiye sunan hukumar bayan sandar, wurin da kowa ke iya rubuta abin da ya so.

Dabarar ta biyu ta fi cin mutane a waya, domin akwatin adireshi a wayar hannu gajere ne, ba ya ɗaukar dogon suna gaba ɗaya. Sai ka taɓa akwatin ka ja rubutun kafin ka ga inda ya fara da inda ya ƙare. Akwai kuma dabarar layin tsakiya: `cdcfib-gov-ng` da aka biyo da `.com` ko `.xyz` suna ne guda da kowa zai iya saye, domin layin tsakiya ba ya raba suna yadda ɗigo ke rabawa. Haka ma sauya harafi ɗaya, kamar sa `1` a madadin `l`, ko juya haruffa biyu a tsakiyar sunan da dama ba kowa ya haddace jerinsa ba.

Dalilin da ya sa `.gov.ng` ke da nauyi shi ne ba a sayar da shi a kasuwa. Hukumar NITDA ce ke kula da bayar da shi, kuma sai hukumar gwamnati ta nema a hukumance. Haka `.mil.ng` na sojoji ne, shi ya sa shafin ɗaukar sojan ƙasa yake `recruitment.army.mil.ng`. Amma `.ng` zalla da `.com.ng` da `.org.ng` a buɗe suke, duk mai 'yan dubban naira zai iya yi musu rajista cikin mintuna. Ganin `ng` a ƙarshen adireshi ba ya nufin komai face an yi rajistar sunan a ƙarƙashin Najeriya.

Inda ƙa'idar ke da iyaka

Da a ce kowace hukuma tana kan `.gov.ng`, da magana ta ƙare a nan. Ba haka abin yake ba, kuma a ganina hukumomin suna da nasu kason laifin. Shafin INEC `inecnigeria.org` ne, kuma a ƙarƙashinsa take buɗe rajistar ma'aikatan wucin gadi na zaɓe. Babban shafin NYSC `nysc.gov.ng` ne, amma masu shirin hidimar ƙasa suna rajista ne a `portal.nysc.org.ng`. Kamfanin NNPC, wanda ya zama kamfani mai zaman kansa a tsarin doka, yana amfani da `.com`. Ɗaukar 'yan sanda kuma ya sauya adireshi fiye da sau ɗaya a 'yan shekarun nan. Hukumar da ke yawan sauya ƙofa tana koya wa jama'a su yarda da kowace sabuwar ƙofa da aka nuna musu.

Don haka ƙa'idar tana aiki ne ta fuska ɗaya. Idan adireshi ya ƙare da sunan hukumar da `.gov.ng` ko `.mil.ng`, wannan hujja ce mai ƙarfi. Idan bai ƙare da su ba, ba a yanke hukunci nan take, sai a nemi shaida ta biyu. Hanyar ita ce ka rufe saƙon da aka turo maka, ka rubuta adireshin babban shafin hukumar da hannunka, ka duba ko ita da kanta ta sanya sanarwar kuma ta ambaci wannan adireshi harafi da harafi. Ka kuma duba ko manyan jaridu sun buga sanarwar tare da sunan kakakin hukumar. Ɗaukar ma'aikata dubu talatin ba abu ne da zai faru a rukunin WhatsApp na unguwa ba tare da ko jarida ɗaya ta ji labari ba.

A guji dogaro da sakamakon farko na Google. Waɗanda ke sama ɗauke da alamar `Sponsored` talla ne da aka biya, kuma ɗan damfara ma yana iya biya. A ƙasansu akwai tarin shafukan da ke rubuta «an buɗe fom» kowace shekara ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Da yawansu ba satar asusu suke yi ba, kuɗin talla suke ci daga yawan masu shiga, amma ta cikinsu ake bi a faɗa hannun masu satar.

Wasu adireshin kuwa ba sa buƙatar shaida ta biyu. Hukumar tarayya ba ta ɗaukar dubban ma'aikata a shafin da ya ƙare da `blogspot.com` ko `weebly.com`, waɗanda kowa ke buɗewa kyauta. Fom ɗin `forms.gle` da ke neman BVN da sunan wata ma'aikata abin gudu ne, domin duk abin da ka rubuta yana tafiya kai tsaye zuwa wani jadawali a asusun wanda ya ƙirƙiri fom ɗin, kuma ba ka san ko wane ne ba. Gajerun adireshi irin na `bit.ly` da `tinyurl.com` ba laifi ba ne a karan kansu, amma suna ɓoye inda za su kai ka, don haka sai shafin ya buɗe sannan karatun adireshi ke farawa.

Alamar kwado da `https` ma ba sa wanke shafi. Abin da suke nufi kawai shi ne wani a tsakiyar hanya ba zai karanta abin da ka aika ba. Ba su ce komai game da wanda ke karɓa a ɗaya ƙarshen ba. Ana samun takardar shaidar `https` kyauta cikin mintuna, kuma tun a 2023 manhajar Chrome ta cire hoton kwadon daga akwatin adireshi saboda mutane suna ɗaukarsa shaidar amana.

Mu bi shafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara saƙo ya shigo rukunin tsofaffin ɗalibai: Hukumar Shige da Fice ta sake buɗe fom, saura awa 48 a rufe, ga gajeren adireshi. Wannan misali ne da aka haɗa daga siffofin da irin waɗannan shafuka suka saba zuwa da su, kuma alƙaluman cikinsa na misali ne.

An taɓa, shafi ya buɗe. Adireshin ya fara da sunan hukumar amma ya ƙare da `.xyz`. A nan ya kamata tafiyar ta tsaya, amma mu ci gaba domin ganin sauran. Abu na farko da za a lura shi ne Hukumar Shige da Fice ba ta buɗe fom ita kaɗai a shafin kanta, CDCFIB ce ke yi mata. Na biyu, a saman shafin akwai maɓallan `Home` da `About` da `Contact`. Idan ka taɓa su, ko dai ba sa motsi, ko su maido ka inda kake. An kwafe fuskar gidan ne kawai, babu ɗakuna a bayanta. A ƙasa akwai jerin sharhi na mutanen da ke godiya sun samu aiki, da hotunansu, da «minti 2 da suka wuce». Ka sake loda shafin bayan awa ɗaya, za ka tarar har yanzu minti biyun ne, kuma agogon da ke ƙirga saura lokaci ya koma farko.

Shafin farko yana neman suna, lambar waya, NIN, BVN, da sunan banki. A nan akwai gwajin da ya fi sauran bayyana gaskiya. Lambar NIN goma sha ɗaya ce. Rubuta sifili goma sha ɗaya, ka sa sunan da babu shi, ka danna ci gaba. Shafin gaske da ke neman NIN yana aika lambar zuwa rumbun hukumar NIMC ne, ya dawo da sunanka da ranar haihuwarka, don haka lambar ƙarya ba za ta wuce ba. Shafin bogi ba shi da abin da zai gwada lambar da shi, kuma ba ya son ya kori kowa, saboda haka zai taya ka murna cewa ka cancanta. Shafin da ya ce sifili goma sha ɗaya ya cancanci aikin Shige da Fice ya gama ba da shaida a kan kansa. Gwajin yana da amfani ne ta fuska ɗaya shi ma: idan lambar ƙarya ta wuce, bogi ne, idan ba ta wuce ba, wannan kaɗai bai isa ya wanke shafin ba.

A lura cewa neman NIN tun a matakin farko ba shi ne alamar damfara ba, domin shafukan gaske da yawa da shi suke farawa. Abin tambaya shi ne ko abin da ake nema ya dace da matakin da ake. Mai ɗaukar aiki yana buƙatar sanin ko kai wane ne, da shekarunka, da jiharka, da takardunka. Yawanci ba ya buƙatar BVN a ranar da ka fara nema, sai an ɗauke ka za a sa ka a tsarin albashi. Shirye-shiryen da ke biyan kuɗi kai tsaye, kamar asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, suna neman BVN da lambar asusu, kuma wannan yana da dalili. Amma babu mai nema na gaske, a kowane mataki, da ke buƙatar lambar sirri ta katinka, ko lambobi uku na bayan kati, ko kalmar sirri ta manhajar bankinka.

Daga nan shafukan bogi kan rabu gida uku. Na farko zai ce ka tura saƙon ga rukunoni biyar ko abokai goma sha biyar kafin fom ya buɗe, da wani layi da ke cika yayin da kake turawa. Layin yana ƙirga sau nawa ka taɓa maɓallin ne kawai, bai san ko ka tura ba. Idan ya cika sai a jefa ka shafin talla ko na caca, ko a ce ka sauke wata manhaja. Ta wannan hanya ce saƙon ya iso gare ka daga ɗan ajinku mai gaskiya, wanda shi ma yake ƙoƙarin buɗe fom ɗin da babu shi. Manhajar da aka ce ka sauke daga wajen Play Store ita ce mafi haɗari a wannan rukuni, musamman idan ta nemi izinin karanta saƙonnin waya, domin ta nan lambobin banki ke shigowa.

Na biyu zai ce ka biya naira 3,500 kuɗin «tantancewa» ko «katin jarrabawa», ya ba ka lambar asusu goma. An zaɓi adadin da gangan. Bai kai yawan da zai sa mutum ya tsaya shawara ba, bai kuma kai wanda zai sa ya je ofishin 'yan sanda idan ya gane an cuce shi ba. Amma idan mutum 2,000 suka biya, naira miliyan bakwai ke nan, a kan shafin da kuɗin kafa shi bai wuce na cefanen 'yan kwanaki ba. Wanda ya biya kuma ya shiga jerin waɗanda za a sake kira, domin bayan mako biyu za a sanar da shi cewa sunansa ya fito, saura kuɗin gwajin lafiya, sannan na kaki.

Na uku shi ne mai kwashe asusu. Zai ce kuɗin naira 500 ne kacal, a biya da kati. Ka rubuta lambar kati, da ranar ƙarewarsa, da lambobin baya, da lambar sirri. A daidai lokacin wani yana shigar da su a wani shafin sayayya na gaske, da adadin da ya fi 500 nesa ba kusa ba. Banki zai turo maka lambar amfani sau ɗaya, wato OTP, shafin bogin kuma ya buɗe akwatin da za ka rubuta ta. Da ka rubuta, kai da kanka ka amince da cinikin da ba ka gani ba. Sau da yawa shafin zai ce lambar ba ta yi ba, ka jira wata, domin a cire karo na biyu. Idan saƙon bankin ya ambaci adadi ko sunan wurin ciniki, a karanta shi kafin a kwafi lambar.

Sunan mai karɓar kuɗi

Ba kowane fom na gwamnati ne kyauta ba, kuma cewa «duk wanda ya nemi kuɗi ɓarawo ne» zai rikita ɗalibin da ke gaban JAMB. Rajistar JAMB da kuɗi ake yi, haka fom ɗin makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, haka fasfo. Bambancin yana cikin hanyar biyan. A JAMB, ɗalibi kan aika NIN ɗinsa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 ya karɓi lambar shaida, ya sayi lambar rajista a banki ko wata kafa da hukumar ta amince da ita, sannan ya je cibiyar da aka tantance a ɗauki zanen yatsunsa. Shafin da ya ce zai yi maka rajistar JAMB gaba ɗaya daga wayarka ya saɓa wa tsarin tun daga tushe.

Tun 2015 kuɗaɗen hukumomin tarayya ke shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati, kuma hanyar da aka fi sani ita ce Remita. Ana ba mai biya lamba goma sha biyu da ake kira RRR. Idan aka shigar da ita a `remita.net`, ko aka kai ta banki, za a ga sunan hukumar da za ta karɓa da adadin kuɗin kafin a biya. Kamfanoni masu zaman kansu ma suna amfani da Remita, saboda haka ganin RRR bai isa ba, sunan da ya fito shi ne abin dubawa.

Haka yake a tura kuɗi ta waya. Da ka rubuta lambar asusu, manhajar banki za ta nuna maka sunan mai asusun kafin ka sa lambar sirri. Idan sunan mutum ne, ko na wani shago, ko na kamfanin da ba ka taɓa ji ba, to ba hukuma kake biya ba, ko da an ce maka shi ne «jami'in kuɗi na shiyya». Idan kuma sunan wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet ne ya fito, wannan ya nuna hanyar da kuɗin zai bi ne kawai, bai nuna inda zai sauka ba.

Kuɗin mai kafe daban ne. Wanda ya karɓi naira dubu ɗaya ko biyu domin ya cike maka fom da kwamfutarsa ya buga maka takarda, ladan aikinsa ya karɓa. Abin da za a kula shi ne ka tsaya ka ga adireshin da ya shiga da idonka, kuma a yi rajistar da lambar wayarka da imel ɗinka. Idan ya sa nasa, saƙon gayyatar jarrabawa wajensa zai je.

Ina bayanan ke tafiya

Wanda bai biya ko kwabo ba, ya dai rubuta NIN da BVN, yakan ɗauka bai yi asarar komai ba. Lambar BVN ita kaɗai ba ta cire kuɗi daga asusu, wannan gaskiya ne. Amma idan aka haɗa ta da suna da ranar haihuwa da lambar waya da sunan banki, ta zama kayan aiki. Da su ne wani zai kira ka bayan makonni, ya ambaci cikakken sunanka da bankinka, ya ce za a rufe asusunka idan ba ka karanto masa lambar da aka turo maka ba. Da su kuma ake gwada buɗe asusu ko cin bashin manhaja da sunanka. Tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta NIN ko BVN a kan ko da ƙaramin asusu, wanda ya ƙara wa lambobin daraja a kasuwar bayan fage. A watan Yulin 2025 EFCC ta ce akwai matasa da ke biyan mutane naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi bayanansu, su sayar a kan kusan 5,000. Asusun da aka buɗe da irin waɗannan bayanai shi ne ake ba wanda za a damfara na gaba ya tura kuɗi, kuma idan bincike ya taso, sunan da ke kan asusun ake fara nema.

Idan an riga an faɗa

Abin da za a yi ya danganta da abin da aka bayar. Idan bayanan kati ne ko OTP, mintuna ke da muhimmanci: a toshe katin nan take ta manhajar banki ko lambar toshewa ta bankin, wadda ya kamata kowa ya ajiye tun kafin buƙatarta, sannan a sauya lambobin sirri. Idan kuɗi aka tura, a sanar da banki a rubuce a ranar, da lambar shaidar cinikin da hoton shafin da adireshinsa, a nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa domin a riƙe kuɗin. Damar dawowarsa tana raguwa da kowace awa, domin ba a barin kuɗi ya kwana a irin wannan asusu. Idan banki bai warware ƙorafin cikin mako biyu ba, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki a `cpd@cbn.gov.ng`.

Idan NIN da BVN ne kawai, ba a sauya su yadda ake sauya lambar sirri. Abin da ya rage shi ne a sanar da banki, a ɗauki duk kiran da ya zo da sunan banki ko hukuma a matsayin abin zargi, a kuma kula da layin wayar da ke haɗe da asusun. Idan layin ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta yana aiki, a je ofishin kamfanin waya a ranar, domin yana iya yiwuwa wani ya sake fitar da layin da sunanka. Idan an yi amfani da kalmar sirri ɗaya a shafin bogin da imel, a sauya ta imel ɗin kafin komai.

Doka ta san laifin. Sashe na 32 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan ɗaya, ko duka biyun, ga wanda ya yaudari mutane ta intanet domin karɓar bayanansu na sirri, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa hukumar NDPC da ake iya kai wa ƙorafi. Ana kai rahoto ga EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sanda, kuma yana da kyau a sanar da hukumar da aka ari sunanta, domin sau da yawa daga irin wannan rahoto take fitar da sanarwar gargaɗi. Kafin a kai rahoton a ɗauki hoton kowane mataki tare da cikakken adireshin, saboda irin waɗannan shafuka kan ɓace cikin kwanaki su sake fitowa da sabon suna. Wanda kuma ya riga ya tura saƙon zuwa rukunoni biyar, ya koma rukunonin biyar ɗin ya goge shi, ya rubuta a fili cewa shafin na bogi ne, tare da adireshin hukumar na gaske.